Daga allo zuwa wayar lantarki: yaushe takardar shaida ke biyan kuɗinta a Binduri?

A duk ƙarshen zangon karatu, ba a rasa malami ɗaya ko biyu a ɗakin malamai da zai ce ya gaji da alli, yana so ya koma wata sana'a. A gundumar Binduri, wadda aka cire daga Bawku a shekarar 2012, sana'ar da ta fi zuwa bakin mutane a 'yan shekarun nan ita ce aikin wutar lantarki da haɗa sola. Dalilin a fili yake. Turakun wuta na ta shiga ƙauyuka, masu noman albasa a bakin kogi na gina gidajen bulo idan kaka ta yi kyau, kuma kowane sabon gida sai an ja masa waya. Haka zancen yake a Salaga da Yendi.

Da zarar mutum ya furta wannan niyya, sai tallace-tallace su fara shigo masa a waya: kwas na mako biyu, kwas na wata uku, kowanne da alkawarin satifiket a ƙarshe. Mai shekara ashirin yana iya gwada ɗaya, in bai yi ba ya gwada wani. Mai shekara talatin da takwas da mata da 'ya'ya huɗu da kuɗin makaranta a wuyansa ba shi da wannan sararin. Shi ya sa tambayar da ya kamata ya fara yi wa kansa ita ce: wace ƙofa ce wannan takarda za ta buɗe mini, kuma wa ke tsaye a bakin ƙofar yana tambayarta?

Takardu iri uku ne, kada a haɗa su

Abin da ke rikita mutane shi ne duk takardun sunansu ɗaya a baki, satifiket, alhali aikinsu ya bambanta.

Ta farko ita ce takardar halarta. Wata ƙungiya ko wani kamfani ya tara mutane kwana biyar ko goma, ya nuna musu yadda ake haɗa faifan sola da batir, ya raba takarda mai kyan zane. Abin da takardar ke shaidawa kawai shi ne ka zauna a ɗakin. Ilimin da aka samu yana iya yin amfani, amma babu wata hukuma da doka ta ɗora wa nauyin karɓar takardar.

Ta biyu ita ce takardar ƙwarewa ta tsarin ilimin sana'a na ƙasa. A Ghana, hukumar CTVET ce ke kula da wannan fanni tun bayan dokar shekarar 2020 da ta haɗe tsofaffin hukumomi biyu wuri ɗaya, kuma jarrabawar sana'a ta NVTI ta daɗe da sanuwa a wajen masu aikin hannu. Irin wannan takarda tana shaida cewa an gwada ka, an ga ka iya. Tana da amfani wajen neman aiki a ma'aikata ko ci gaba da karatu a makarantu irin su kwalejin fasaha ta Bawku ko jami'o'in fasaha na Bolgatanga da Tamale.

Ta uku ita ce lasisi, wato takardar da doka ta ce in ba ka da ita ba ka da izinin yin aikin da sunanka. A aikin wayarin gida, wannan ita ce takardar Hukumar Makamashi ta Ghana. Dokar wayarin ta shekarar 2011, wadda ake kira L.I. 2008, ta tanadi abubuwa uku: wanda zai ja waya a gini sai mai takardar hukumar, aikin sai ya bi ƙa'idar da aka shimfiɗa, kayan aikin kuma sai waɗanda hukumar kula da ingancin kaya ta amince da su. Takardar tana da matakai: na gidajen zama, na wuraren kasuwanci, da na masana'antu, sannan akwai ta masu duba aikin wasu.

Abin da ya ba wannan takarda ta uku nauyi shi ne akwai mai tsaron ƙofa. Kamfanin NEDCo ne ke raba wuta a arewacin Ghana, daga Salaga da Yendi har Bawku. Mai sabon gida da ke neman mita ana buƙatar ya kawo takardar shaidar kammala aiki mai ɗauke da sa hannu da hatimin ma'aikacin da hukuma ta yarda da shi. Ke nan ko mai gida bai damu da takardarka ba, dole ya nemi wani mai ita kafin wuta ta shiga gidansa. A nan ne takarda ke zama kuɗi.

Wanda zuciyarsa ta fi karkata ga sola ya lura da wani abu kuma. Dokar makamashi mai sabuntuwa ta shekarar 2011 ta sa harkar kafa sola da kula da ita a matsayin kasuwanci a ƙarƙashin lasisin Hukumar Makamashi. Takardar halartar kwas na mako biyu ba ta maye gurbin wannan. Kuma gidan da ke da sola ma wayoyinsa na ciki wayarin ne, ƙa'ida ɗaya ce ke hawa kansu.

Abin da jarrabawar ke nema

Jarrabawar Hukumar Makamashi ana yin ta sau biyu a shekara, wajen tsakiyar shekara da wajen ƙarshenta, a manyan garuruwa irin su Tamale. Kashi uku ce: rubutu, aikin hannu, da ganawa baki da baki. Wanda ya yi karatun lantarki a makaranta yana iya shiga, haka ma wanda ya koya a hannun maigida ya kuma yi aiki da hannunsa.

Malamin makaranta yakan ji daɗin kashin rubutu, domin karatu da lissafi gidansa ne. Zai iya riƙe cewa wutar gida a Ghana bolt 230 ce, cewa wayar fitilu yawanci mai kaurin milimita murabba'i 1.5 ce, ta soket kuma 2.5, sannan abubuwa masu jan wuta sosai kamar murhun lantarki suna son wadda ta fi haka kauri. Zai fahimci dalilin da ya sa ake sa na'urar da ke yanke wuta da kanta idan ɗigon wuta ya kai miliamfiya 30, domin ita ce ke tsayawa tsakanin yaro mai jiƙaƙƙen hannu da ajali.

Inda ake faɗuwa shi ne aikin hannu da ganawa. Za a sa ka haɗa fitila ɗaya da makunni biyu, kamar yadda ake yi a zaure ko dogon baranda, ka tsara akwatin raba wuta, sannan ka gwada aikinka da na'ura. Sai ka nuna cewa kowace waya ta kai inda aka nufa ba tare da yankewa ba, cewa makunni yana kan waya mai wuta, cewa rufin wayoyin bai da ɓaraka. Wannan gwaji na ƙarshe ana yin sa da na'urar da ke tura bolt 500, kuma abin da ta nuna kada ya gaza megaom ɗaya. Sai kuma wayar ƙasa, wadda ake ɗaure wa sandar tagulla a binne. A yankinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙasa kan bushe ƙaƙas da rani, kuma sandar da ta ba da sakamako mai kyau a watan Agusta tana iya kasawa a watan Maris. Mai ganawa da kai yana iya tambayarka me za ka yi idan haka ta faru, kuma wanda bai taɓa haƙa ramin da hannunsa ba nan take ake gane shi.

Darasin da ke ciki shi ne takardar ba ta koyar da sana'ar. Tana zuwa ne bayan an koya. Duk wanda ya ce maka zai kai ka daga allo zuwa lasisi cikin wata ɗaya, ko dai bai san jarrabawar ba, ko kuwa aljihunka yake kallo.

Mu yi lissafin malami guda

A ce akwai malami a wata makaranta kusa da Bazua, shekararsa 38, ya yi shekara 12 yana koyarwa. Alƙaluman da ke tafe na misali ne don a ga yadda ake lissafin; kowa sai ya cire su ya sa nasa bayan ya tambayi farashin yau. Mu ce albashinsa sidi 3,000 ne a wata, wato 36,000 a shekara.

Da farko sai ya raba kuɗin da zai kashe gida biyu. Gida na farko kuɗin koyon sana'a ne. Mu ce zai ba maigidan da zai koya masa sidi 1,500, ya sayi kayan aiki na sidi 2,500: filaya, sukuddireba, guduma da kurfi na fasa bango, tsani, da na'urar awo. Zai yi shekara biyu yana bin maigidan ranakun Asabar da lokutan hutu. A waɗannan ranakun da yana samun kamar sidi 2,500 a shekara daga darasin ƙarin lokaci ko daga ɗan fegin albasarsa na rani, yanzu ya rasa su, wato 5,000 a shekara biyu. Jimillar wannan gida ta zama 9,000.

Gida na biyu kuɗin takardar kanta ne: rajistar jarrabawa da ɗan kwas na shiri, mu ce 1,500, sai kuɗin mota da masauki da abinci zuwa wurin jarrabawa, mu ce 1,000. Jimilla 2,500. Duka biyun sun kama 11,500. Tun a nan mutum zai ga cewa takardar ita ce mai arha a cikin tafiyar. Abin da ke cin kuɗi shi ne lokacin koyo.

Sai ɓangaren riba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a lissafa duk kuɗin da mai takarda ke samu a ce ribar takarda ce. Ribar takarda ita ce bambancin da ke tsakanin abin da za ka samu da ita da abin da za ka samu ba tare da ita ba. A ce kuɗin aikin hannu na jan waya a gida mai ɗaki huɗu sidi 1,200 ne. Idan malamin namu yana aiki a ƙarƙashin maigida, rabonsa 400. Idan yana da takardarsa, shi zai karɓi aikin, ya ba yaron da ya taya shi 300, ya tashi da 900. Bambancin 500 ne a kowane gida.

Da wannan, kuɗin takardar kaɗai, wato 2,500, zai dawo bayan gida biyar. Ga wanda ya riga ya iya aikin, babu wani dogon tunani: ya je ya rubuta. Amma malaminmu daga tushe ya faro, don haka 11,500 ne zai mayar. Idan aka auna da wannan bambanci na 500, gida 23 ke nan.

Gida 23 a Binduri wata nawa ne? A nan ne dole a fita daga takarda a shiga gari. Gini a yankin nan yana bin kaka da rani. Mutane na sayen bulo da kwano bayan an sayar da amfanin gona, da damina ta kankama kuma hankali ya koma gona. Mu ce watanni shida ne ake samun aiki sosai. Idan yana samun gida biyu a wata, 12 ke nan a shekara, kuɗinsa zai dawo cikin kusan shekara biyu. Idan gida ɗaya ne a wata, sai ya kusa shekara huɗu. Wanda ke sa ran samun aiki a cikin garin Bawku kuma ya sa a lissafinsa cewa rikicin garin da dokar hana fita sun sha tsayar da zirga-zirga, kuma ranar da ba a fita ba aikin hannu ba ya biya, alhali albashi yana shiga.

Ga tambaya mafi nauyi: yaushe zai iya ajiye alli gaba ɗaya? Don ya maye albashin 36,000 da aikin da ke ba shi 900, sai ya yi gida 40 a shekara, wato kusan bakwai a kowane wata na lokacin gini. Sabon shiga da wuya ya kai haka, sai in ya haɗa da gyare-gyare, da sayar da kayan wuta, da ƙananan kwangiloli na makarantu da shaguna. Saboda haka amsar lissafin malaminmu ita ce takardar ta cancanci kuɗinta, amma ba ta isa dalilin rubuta takardar barin aiki ba tukuna.

Abin da mai shekara ashirin ba ya lissafawa

Akwai wani abu da ya keɓanta ga wanda ya yi nisa a aiki, shi ne fansho. A ƙarƙashin dokar fansho ta shekarar 2008, sai mutum ya biya wa hukumar SSNIT gudummawar wata 180, wato shekara 15, kafin ya cancanci fanshon wata-wata idan ya kai shekarun ritaya. Wanda bai cika ba, kuɗin da ya tara ake mayar masa a dunƙule da ɗan ƙari, shi ke nan.

Malaminmu yana da wata 144. Saura 36. Idan ya fita yau ya daina biya, ya bar fanshon rayuwa a kan saura shekara uku. Hanya biyu gare shi. Ko dai ya ci gaba da koyarwa har ya cika, ko kuma ya fita ya ci gaba da biya da kansa, domin hukumar tana karɓar gudummawar masu sana'ar kansu. Ta biyun tana nufin ƙarin kuɗi daga aljihunsa kowane wata, a daidai lokacin da samunsa bai daidaita ba, don haka ita ma sai ta shiga lissafi.

In aka duba da kyau, shekara ukun nan sun yi daidai da abin da sana'ar ke buƙata: biyu na koyo a hannun maigida, ɗaya na jarrabawa da fara karɓar aiki da sunansa a ranakun hutu. Ranar da wata 180 suka cika, zai kasance da littafin ayyukan da ya yi, ya san ko gida shida yake samu a shekara ko talatin. Sai ya yanke shawara da abin da ya gani da idonsa. Ma'aikacin gwamnati dai ya fara duba ƙa'idar aikinsa game da sana'ar gefe, kuma kada ɗalibai su biya kuɗin wannan sauyi da darussan da ba a shiga ba.

Yadda ake bincike kafin a biya ko kwabo

Mutum uku ya kamata a gani, kuma ganinsu bai wuce kuɗin mai a babur ba. Na farko ma'aikacin ofishin NEDCo mafi kusa: a tambaye shi wace takarda suke karɓa daga mai neman mita, da hatimin wa. Na biyu birkila ko ɗan kwangilar da ke gini a unguwa: gida nawa ya kai matakin jan waya a ranin da ya wuce, wa ya kira, nawa aka biya. Birkila ne ke fara sanin gidan da zai buƙaci wuta, kuma sau da yawa shi ke ba mai gida sunan wanda zai kira. Na uku mai takardar da ya riga ka: mutum nawa ne irinsa a gundumar, kuma aiki na jiransa ne ko shi ke jiran aiki? Hukumar Makamashi tana da rajistar masu takarda da ake iya dubawa, kuma da ita za ka tabbatar cewa maigidan da za ka bi shi kansa yana ciki. Shekara biyu a hannun wanda bai san gwaji ba, koyon kuskure ne da kuɗinka.

Shi kuwa mai tallan kwas, tambaya ɗaya ta ishe shi: wace hukuma ce ke shirya jarrabawar ƙarshe, kuma sunan wa ke kan takardar? Idan ya ce su ne ke koyarwa, su ne ke jarrabawa, su ne ke sa hannu, to takardar halarta ce, a saye ta da farashin takardar halarta. Idan ya ce babu mai faɗuwa, wannan ma alama ce. Idan ya ce ka kawo kuɗi a samo maka hatimi ba tare da ka zauna jarrabawa ba, ka tashi daga wurin. Sa hannu a takardar kammala aiki ɗaukar alhaki ne: ranar da gida ya kama da wuta, sunan da ke kan takardar za a nema. Saboda wannan dalili ne ma bai kamata mai takarda ya riƙa buga hatiminsa a kan aikin da bai gwada ba, ko da ɗan'uwa ne ya kawo.

A kuma tuna cewa takardar ana sabunta ta, kuma na'urorin gwaji masu kyau suna da tsada. Sabon shiga yakan fara da aro ko haya daga maigidansa, amma wannan ma kuɗi ne da ke fita daga kowane aiki.

Idan aka tsallaka iyaka

Daga Binduri zuwa Sinkase ba wata tafiya ba ce, kuma da yawa daga cikinmu na da dangi a Togo da Burkina Faso da Nijar da Najeriya. Sana'ar hannu tana tsallaka iyaka ba fasfo, amma lasisi dokar ƙasa ɗaya ce ta haife shi, a ƙasar yake da ƙarfi. A ɓangaren Faransanci sunayen takardun da aka sani su ne CAP da BEP da CQP, kamfanonin wuta kuma daban ne: CEET a Togo, SONABEL a Burkina Faso, NIGELEC a Nijar. A Najeriya hukumar NEMSA ce ke tantance masu aikin wayarin. Hatta soket ɗin ya bambanta: Ghana da Najeriya na amfani da mai ƙafa uku irin na Ingila, maƙwabtansu kuma mai zagayayyun ƙafafu irin na Faransa.

Don haka wanda ke da niyyar komawa Dapaong ko Maraɗi nan da shekara biyar ya fara tambayar masu wutar can abin da suke nema, kafin ya kashe kuɗi a Tamale. Wanda kuma ya taso daga can da CAP a hannu ya zauna a Yendi ko Salaga, takardarsa hujja ce ta cewa ya yi karatun, amma hatimin da ake karɓa wajen neman mita sai ya zauna jarrabawar Ghana zai same shi.

Wannan awo bai tsaya ga lantarki ba. Mai son buɗe shagon maganin feshi a kasuwar Bazua akwai lasisin hukumar kare muhalli a gabansa, mai son sayar da magungunan da ba sa buƙatar takardar likita akwai na majalisar masu harhaɗa magunguna. A irin waɗannan wurare takarda ba zaɓi ba ce, abin lissafawa kawai shi ne ko kasuwar za ta ɗauki ƙarin mutum ɗaya. A ɗinki ko gyaran waya ko kiwon zabi kuwa babu mai tsaron ƙofa, mai saye aikinka yake dubawa, kuma sidi 2,500 sun fi amfani a keken ɗinki ko kayan gyara.

Malaminmu na Bazua, in ya bi lissafinsa, ranar Asabar mai zuwa ba wurin rajistar kwas zai nufa ba. Zai je wurin birkilan unguwarsu da ɗan littafi a aljihu, ya tambaye shi gida nawa aka rufa wa kwano daga ƙaramar salla zuwa yau.